Rabin Ranar Laraba Na Roƙa, Aka Yanke Mini Kuɗin Wuni Guda

Wata uku ke nan da na faɗi daga kan babur a Mararaba, ranar wata Lahadi, na karye a wuyan hannun dama. An ɗora mini filasta na sati shida. Ranar da aka cire shi sai na ga hannun ya motse, yatsu sun sandare, ko dunƙule su ba na iya yi, balle in juya tafin hannu sama in karɓi canji. Likita ya ce ƙashi ya haɗe, abin da ya rage shi ne gashin ƙashi, sau ɗaya a sati har sati 12, da motsa hannun da zan riƙa yi a gida safe da yamma. Ya gargaɗe ni da babbar murya cewa gaɓar da ta daɗe ba ta motsi ƙagewa take yi, kuma duk satin da na tsallake yana ƙara wa aikin wuya. Ranar da sashen gashi ya ba ni ita ce Laraba da safe. Ba ni na zaɓa ba. Ba sa duba marasa lafiya na waje da daddare, ba sa dubawa ranar Lahadi, kuma Lahadi ce kaɗai ranar hutuna.

Ina aiki a wani shagon kayan wutar lantarki a Wuse da ke Abuja, Litinin zuwa Asabar, takwas na safe zuwa shida na yamma. Shekarata huɗu a wurin. Abin da na nema bai wuce a bar ni in iso ƙarfe ɗaya na rana duk Laraba ba. Wanda ya san hanyar Nyanya ya san abin da nake nufi: da an sallame sallar asuba nake fita, don in na yi sake har bakwai ta buga ina gida, to a cunkoson Kugbo zuwa AYA zan ƙare safiyar. In na isa asibiti sai layin fito da kati, sai layin biyan kuɗi, sai zaman jira a benci. Gashin kansa bai kai awa ɗaya ba, a ɗumama hannun, a lanƙwasa shi har sai ƙwalla ta zubo, a gwada ko ya ƙara miƙewa. Amma kafin ka kai ga wannan awa ɗayar ka ɓatar da uku.

Na sami manajanmu na ce, "Yallaɓai, ga katin asibiti, ina neman alfarmar safiyar Laraba." Ko kallon katin bai yi ba ya ce, "Ba damuwa, ƙanina, lafiya ai ita ce gaba, ka je kawai." Na yi godiya har da rusunawa. Ƙarshen wata ya zo, albashina naira 78,000 ne, sai na ga 66,000 sun shigo. Da na tambayi akawu sai ya buɗe littafin sa hannu ya nuna mini Laraba huɗu, kowace an ja mata jan layi. Wai ƙa'idar shago ita ce duk wanda bai sa hannu kafin tara ba, bai zo aiki ba a ranar. Sun raba albashina gida 26, kowace rana 3,000, suka cire huɗu. Alhali a kowace Laraba ɗin nan ina bayan kanta daga ɗaya zuwa shida, ina ɗauko waya da soket da hannun hagu, ina rubuta rasit. Awa biyar nake yi musu, kuma suka rubuta ban zo ba. Ko da yankan ne ya zama dole, rabin wuni 1,500 ne, sau huɗu 6,000. Sauran 6,000 ɗin kuɗin gumina ne aka ci da rana tsaka, a watan da nake biyan kuɗin gashi da kuɗin mota daga aljihuna.

Da na koma wurin manaja sai zancen ya sauya. "Ni na ce ka je, ban ce za a biya ka ba." Wannan maganar ce ta fi ƙona mini rai. Izinin baki ne, babu takarda, babu shaida, kuma ya san da hakan.

Wani maƙwabcinmu da ya daɗe a harkar ƙungiyar ƙwadago ya zaunar da ni ya nuna mini abin da Dokar Ƙwadago ta ƙasa ta ce. Sashe na 16 ya ba ma'aikaci irina damar a biya shi albashi har na kwanakin aiki 12 a shekara idan rashin lafiya ta hana shi zuwa, matuƙar likita mai rajista ya ba da shaida. Wanda ya ɗauke ka aiki yana da damar ya ce likitansa ya sake duba ka, kuma ni ban ƙi ba. To a yi lissafi: safiyar Laraba 12 rabin wuni ne sau 12, wato kwana shida cif. Ko a ɗauki kowace Laraba a matsayin cikakken wuni ma, 12 ne, bai wuce iyaka ba, tunda ban taɓa kwanakin bana ba. Satin da na kwanta bayan haɗarin daga hutuna na shekara aka cire. Inda gizo ke saƙa shi ne dokar kwanaki take ƙirgawa, ba ta ambaci rabin wuni ba, kuma ba ta fayyace matsayin wanda yake iya aiki amma yana zuwa magani duk sati ba. A wannan ramin masu shago suke ɓuya. Mai zuwa karatu kuwa halinsa ya fi nawa muni, don wannan sashen bai shafe shi ba sam. Akwai yaron shagonmu da ya bar karatun difiloma saboda an hana shi yammacin Juma'a.

Maƙwabcin nawa ya kuma nuna mini kuskurena. Katin alƙawari na sashen gashi ba shi ne shaidar likita ba. Sai na koma wurin likitan da ya duba karayar, ya rubuta mini wasiƙa a takardar asibiti mai hatimi, da ranar zuwa, da lokacin, da adadin satuttukan da suka rage. Na rubuta takardar neman izini kwafi biyu. A ciki na ba su zaɓi: ko a lissafa safiyoyin cikin kwanakin jinya, ko in riƙa buɗe shago ƙarfe bakwai a sauran ranaku biyar, awa ɗaya-ɗaya, in biya awa biyar ɗin daidai. Na ce duk Laraba zan kawo takardar da ke nuna lokacin da aka sallame ni. Me ya rage wanda mutum zai yi?

Manaja ya karɓi kwafi ɗaya ya jefa a durowa. Na ce, "Yallaɓai, don Allah a sa mini hannu a nawa, da kwanan wata." Ya ce shi ba ya sa hannu sai mai gida ya dawo daga tafiya. Yau kwana goma sha tara, mai gida ya dawo, ya sake fita, takardar tana durowa. Abokan aiki kuma sun fara raɗa cewa mai yawan zuwa asibiti shi ake fara sallama. Saboda tsoron wannan raɗar na tsallake gashi sau biyu, kuma da na koma mai gashin ta auna hannun ta ce ya koma baya, sai an ƙara mini sati uku.

Jibi Laraba ce kuma zan je. Ranar Alhamis zan sake miƙa takardar a gaban akawu da mutum biyu. Idan albashin wannan watan ya sake zuwa da giɓi, zan haɗa wasiƙar likita, da kwafina, da saƙonnin banki na wata biyun, in kai ofishin ƙwadago.