Giram 38 ba ya haifar da giram 56.7

Har yanzu raina a ɓace yake kan takardun ɗalibai na kimiyyar sinadarai da na duba jiya, musamman da aka ce wai na cika tsanani da na hana maki. Ban cika ba. Wanda ya gina lissafinsa a kan sinadarin da ba shi ne zai fara ƙarewa ba, duk abin da ya biyo baya ya rushe, komai kyan rubutunsa.

Ga tambayar: giram 28 na naitirojin da giram 10 na haidirojin, amoniya nawa za a samu?

N₂ + 3H₂ → 2NH₃

Sai yaro ya dubi 10, ya dubi 28, ya yanke cewa haidirojin ne kaɗan, shi zai fara ƙarewa. Ya mayar da giram 10 zuwa mol 5, mol kuwa shi ne ma'aunin yawan ƙwayoyin sinadari, ya ninka da biyu bisa uku, ya ninka da 17, nauyin mol ɗaya na amoniya, ya ja layi ƙarƙashin giram 56.7. Jama'a, giram 38 kacal aka zuba gaba ɗaya! Daga ina ragowar ta fito? Wannan kaɗai ya isa ya sa alƙalami ya tsaya.

Nauyi ba ya faɗa maka wanda zai ƙare. Naitirojin giram 28 mol ɗaya ne tak, haidirojin kuwa saboda rashin nauyinsa giram 10 mol biyar ne. Mol ɗaya na naitirojin mol uku na haidirojin yake buƙata, ga biyar a ajiye. Ashe naitirojin ne zai ƙare, amoniya mol biyu, wato giram 34, haidirojin giram 4 ya yi saura. Haɗa 34 da 4, ka koma 38 ɗinka.

An ce mini ai hanyarsa daidai ce, zaɓin farko kawai ya kuskure. To ai zaɓin nan shi ne tambayar. Ninkawa da rabawa kowa ya iya. Kuma ɓarnar ba a takarda take tsayawa ba: wanda ya samu giram 17 a gwaji ya samu rabin abin da zai yiwu, amma da lissafin 56.7 zai rubuta kashi 30 cikin ɗari, ya yi ta neman inda iskar ta zurare alhali ba ta zurare ba.

Masu cewa a ɗauki mai ƙarancin mol kawai, su ma ban yarda ba. Da haidirojin mol biyu ne, ya fi naitirojin yawa, amma shi zai fara ƙarewa tunda uku ake nema. Raba mol ɗin kowanne da lambar da ke gabansa a jerin haɗuwar da ke sama, wanda ya fito ƙarami shi ke riƙe da linzami.

Wani abin da ke damuna ma, ba ma faɗa wa yara cewa 34 ɗin nan iyaka ce ta takarda. A tsarin Haber, hanyar da ake haɗa amoniya a masana'anta, haɗuwar tana komawa baya, shi ya sa masana'antu ke sanyaya amoniyar su cire ta, su sake mayar da iskar da ba ta haɗu ba cikin tukunyar.