Turmin da Ya Kusa Zama Lefe

A zamanin iyayenmu ba wanda ke lissafin ranar aure. Baba ya yi shekara arba'in da Inna, kuma in ka tambaye shi yaushe aka ɗaura, sai ya ce shekarar da aka yi fari. Mu kuwa waya ta hana mu sakat. Saura mako uku aurenmu ya cika shekara goma, Maman Ummi ta miƙo mini wayarta muna cin tuwo, ta ce in ga abin da mijin ƙawarta ya yi mata a Abuja. Mota ce, an ɗaura mata jan ƙyalle a goshi. Na ce Allah ya sanya alheri, ya tsare hanya. Ta ce amin, ita ba don komai ta nuna mini ba. Duk magidanci ya san abin da ke cikin "ba don komai ba".

Ni malamin makaranta ne a nan Jos, kuma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023, albashina ba ya ganin ashirin ga wata. Na zauna na cire kuɗin masara, na cire na makarantar yara, na cire zubin adashe, na tattara abin da ya rage har da wanda ke aljihun rigar sanyi, ya kama naira 20,000.

Gwal na fara tambaya, don kada a ce ban gwada ba. Mai shagon ya ɗora wani ɗan kunne a kan sikeli, ya ce da giram ake sayarwa, kuma giram ɗaya ya haura dubu ɗari. Na tambaye shi ko ana gutsurawa. Ya dube ni, ya dubi takalmina, ya ce in gaida gida.

A hanyar komawa Unguwar Rogo ne tunanin ya zo mini. Cikin lefen Maman Ummi akwai wata Super koriya mai zanen tsuntsaye, wadda ta ƙi kaiwa ɗinki, tana ajiye da ita a ƙasan akwati. Shekarar da na yi wata biyar ba aiki, ranar nan na dawo na tarar da buhun shinkafa a ɗaki, da kuɗin haya a ƙarƙashin filo. Ba ta ce komai ba, ni ma ban tambaya ba, amma tun daga ranar ban sake ganin tsuntsayen nan ba. Na ce to, abin da zan mayar mata ke nan.

Na san ban iya sayen zane ba, don haka na ɗauki Yaya Asabe, wadda ta yi shekaru tana saro kaya daga Kantin Kwari a Kano. Muka nufi Taminus. Tun da babbar kasuwar ta ƙone a 2002, 'yan atamfa suka bazu a shagunan da ke kewaye da ita da bakin titin Ahmadu Bello, sai ka bi su ɗaya bayan ɗaya. A wani shago na kwatanta zanen da hannu, har da fiffike. Mai shagon ya ce ya gane, ya hau kujera ya sauko da ita. Ita ce sak. Ya faɗi kuɗin, na nemi wurin zama. Ta asalin daga ƙasar Holan ake kawo ta, kuma da kuɗin waje ake sayo ta, saboda haka duk tashin da dala ta yi a kanta yake sauka. Kuɗina ko falle ɗaya ba su kai ba.

"Alhaji, kada ka damu," in ji shi. Ni da ko Kano sai da dalili nake zuwa. "Akwai irinta."

Ya jero mini turmi uku, duk kore, duk tsuntsaye. Ɗaya naira 7,000, ɗaya 13,500, ɗaya kuma ta fi ƙarfina. A idona ba su da maraba. Hannuna ya tafi kan ta dubu bakwai, don har ta fi sauran sheƙi, ga tambarin zinariya an manna mata a gaba. Yaya Asabe ta buge mini hannu a gaban jama'a.

"Kai dai har yanzu yaro ne. Takarda kake saye ko zane?"

Ta ce takardar da aka manna ba shaida ba ce, kowa na iya bugawa. Ta warware turmin ta juya bayansa. Atamfar kirki, in ji ta, rininta yana ratsa zaren, har sai ka rasa gane ciki da baya. Wannan kuwa bayanta fari-fari ne, a fuska ɗaya kawai aka shafa mata launi. Sai ta kama kusurwa ta murje ta tsakanin yatsu. Ƙarfin nan da na ji na ɗauka kauri ne, ashe sitaci ne, wanki ɗaya zai tafi ya bar mata abin tace koko. Ta jiƙa farin hankici da ruwan leda ta goga a gefe, hankicin ya fito kore shar. Mai shagon ya fara kallon titi.

Ba ta tsaya nan ba. Ta zare zare ɗaya daga bakin yanka, ta ce a ba ta ashana. Na ce Yaya, a Taminus fa muke, a nan ba a wasa da wuta. Ta fita waje ta kunna. Zaren ya nannaɗe, ya narke, ya zama ɗan baƙin dunƙule mai tauri, yana warin leda. Roba ce, in ji ta, kuma wadda ta sa ta da rana za ta san ta sa. Ta gwada na 13,500, shi kuma ya ci da wuta, ya bar toka mai laushi da ƙaurin takarda. Auduga ke nan. Bayanta bai kai gabanta haske ba, amma da ɗan dama, kuma hankicin bai ɗauki komai ba. Daga ƙarshe ta sa aka auna a gabanta, don turmi yadi shida ne, falle uku, kuma akwai masu zuwa da biyar da rabi. Rabin yadin nan shi ne ɗankwali.

Ta taya 11,000, ya ce albarka, muka yi kamar za mu tafi, aka daidaita a 12,500. Na fara lissafin tsire da canjin. Yaya ta ce in mayar da hannuna aljihu.

"Wanda ya ba mace atamfa bai ba ta kuɗin ɗinki ba, bashi ya ba ta."

Riga da siket da ɗankwali, ba aikin dutse ba komai, tela zai karɓi wajen 6,000. Na ware su a ambulan. Abin da ya saura muka hau keke.

Saura ɓoyewa, kuma a nan ilimin Yaya ya ƙare. Ɗaki biyu gare mu, kuma babu lungun da Maman Ummi ba ta sharewa. Na naɗe turmin a baƙar leda na cusa shi cikin kwalin takardun jarabawar ɗalibai a saman kabad, wurin da na tabbata ba mai sha'awarsa. Na manta cewa sanyin Jos ya kama, kuma bargunan yara a bayan kwalin suke.

Washegari na dawo na yi sallama, aka amsa daga nesa. Shekara goma ana kirana Abban Ummi, ranar nan na koma Malam. "Malam, ga abincinka." Miyar kuka ce, amma gishirin cikinta zai isa gidan biki. Na ce yau hannu ya ɗan zarce. Ta ce in yi haƙuri, ai na kusa hutawa. Na ɗauka hutun makaranta take nufi, na ce wallahi kuwa, na ƙosa. Ta ajiye ludayi ta shige ɗaki.

Kwana biyu ana haka. Ummi ta zo ta zauna kusa da ni ta ce, "Abba, in ta zo a ina za ta riƙa kwana?" Na ce wa? Ta ce Mama ta ce kada ta faɗa. Da daddare surukata ta kira daga Bukuru. Bayan doguwar gaisuwa ta ce ita ba ta hana abin da Allah ya halatta ba, amma mutum ya duba ƙarfinsa, kuma a al'ada ana yi wa uwargida kayan faɗar kishiya. Na ce Hajiya, wace kishiya? Ta ce, "Au, har ni za a ɓoye wa?"

Sai a lokacin na hango abin yadda yake. Magidanci ya ɓoye sabon turmi a saman kabad, ga ambulan da kuɗi a ciki, ga shi kwanan nan yana yawan zuwa wurin yayarsa suna ƙus-ƙus. Ko ni aka ba wannan shari'ar, lefe zan yanke. Ni da ban gama biyan kuɗin gawayi ba.

Saura kwana huɗu ranar ta cika, amma na ga in na jira, za ta same ni a gaban dattawa. Na hau kujera na sauko da kwalin, na zare ledar, na ajiye a gabanta. Jawabin da na shirya tun a Taminus ya gudu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Taki ce. Ta shekara goman. Wadda kika sayar."

Ta ce ita ledar kawai ta leƙa ta ga gefen atamfa, zuciya ba ta bar ta ta buɗe ba. Yanzu ta warware. Ta ga tsuntsayen, ta yi shiru, ta ce wa ya gaya mini ta sayar. Na ce buhun shinkafa ba ya tsirowa a ɗaki. Ta goge ido da bakin mayafi. Sannan, ba tare da ta daina sharar hanci ba, ta juya bayan zanen, ta murje kusurwa, ta ɗaga shi ta fuskar ƙwan lantarki.

"Abban Ummi, wannan ai ƙanwarta ce."

Na ce ƙanwar ce ta yarda ta biyo ni, yayar ta ce sai na zama shugaban makaranta.

"Da na buɗe tun ranar nan da ban ɓata gishirina ba," in ji ta. "Wace budurwa ce za ta yarda a sa mata wannan a saman akwati?"

Ta ce nawa, na ce 12,500, ta ce Yaya ta yi ƙoƙari. Ban ji an ambaci nawa ƙoƙarin ba. Ta ninke turmin ta sa a ƙasan akwati, ta ce ba za a ɗinka ba. Na ce to, tunda haka ne, ambulan ɗin fa? Ta ce wane ambulan, ai tun shekaranjiya ta tura wa Hajiya kuɗin mota, don ta zo ranar Asabar a zauna a kan maganar auren.