Auna tarin ayyukan ɗalibi a ƙarshen zango

"Shin ba sai in tara makin kowane aiki in raba ba?"

A'a, domin matsakaicin maki yana ɓoye ci gaba. Ɗalibar da ta samu 3, 5 da 9 cikin 10 a insha'i uku za ta tashi da kusan 6, daidai da wanda ya samu 6 sau uku bai motsa ba.

Jadawalin awo, wato jerin ma'auni da matakansu, yana duban tarin ne gaba ɗaya. A ware ma'auni kamar tsarin sakin layi da amfani da gyaran malami, kowanne da matakai huɗu waɗanda aka bayyana da abin da ido zai gani. "Ya yi kyau" ba bayani ba ne, amma "ta gyara kurakuran da aka ja wa layi a daftarin farko" abin dubawa ne. Idan malamai biyu suka auna tari ɗaya suka saɓa da mataki biyu, a sake rubuta bayanin.