"Kashi uku kacal": a kan wane kuɗi?

Tallar nan ta masu ba da rance ta ishe ni. Duk inda ka duba sai "kashi 3 cikin 100 kacal a wata", ana kiran ƙananan 'yan kasuwa su zo su karɓi jarin saro kaya. Abin da tallar ba ta faɗa shi ne a kan wane kuɗi ake lissafa kashi ukun.

A ce 'yar kasuwa ta ranci 120,000, za ta biya cikin wata 12, tana mayar da 10,000 na uwar kuɗi duk wata. Idan a kan ragowar bashi ake lissafa ruwan, watan farko za ta ba da 3,600, na biyu 3,300, haka yake ta sauka har na ƙarshe ya zama 300. Jimilla 23,400.

Idan kuwa a kan adadin da ta karɓa tun farko aka kafe shi, ruwan ba ya motsi. Wata na fari 3,600, wata na ƙarshe ma 3,600, alhali a lokacin 10,000 kaɗai ake bin ta. Jimilla 43,200. Wato ta ƙara 19,800 a matsayin ladan kuɗin da ta riga ta mayar wa mai shi. Wannan kashi ukun, in aka auna shi da ragowar bashi, ya ɗan haura kashi biyar.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda wannan dabara ke kayar da mai gaskiya. Wanda ya ce zai karɓi kashi 4 a kan ragowar bashi, 31,200 ne duka ruwansa. Ya fi mai kashi uku sauƙi da 12,000, amma shi za a gudu a bari, don lambarsa ta fi girma a ido.

Masu kare tsarin suna cewa ya fi sauƙin ganewa ga wanda bai yi zurfi a lissafi ba. To, mai tsara riba a kan kowane kwali ba lissafi ne ya gagare ta ba, ɓoye mata aka yi.

Kuma a tuna, daga cikin ciniki take cire kuɗin biya. Kuɗin rancen da ke juyawa a hajarta raguwa yake yi duk wata. In aka daidaita tsawon shekarar, 65,000 ne kawai a hannunta. Hajar 65,000 ce za ta haifo ribar da za ta biya ruwan 120,000. In kaya ya yi kwantai wata biyu, jarinta na asali za ta fara ci.

Ya kamata hukumomi su tilasta wa masu rance bayyana ruwansu a kan ragowar bashi. Kafin nan, duk mai shirin sa hannu ya nemi jadawalin biya, ya dubi layin ruwa. In na watan ƙarshe daidai yake da na watan farko, ya tambayi nawa za a rage masa in ya biya bashin gaba ɗaya a wata na shida, kuma a rubuta masa amsar.