Tambayar ladabi a Turanci: ina "is" zai zauna?

"Malam, an koya mana cewa a tambaya 'is' ne ke rigan suna zuwa. To me ya sa aka soke mini 'Could you tell me where is the bank?' a jarrabawa?"

Ɗalibina, dokar da aka koya maka daidai ce, amma ta tambayar kai tsaye ce: "Where is the bank?" Da zarar ka sa "Could you tell me" a gaba, to ka riga ka yi tambayar a nan, domin "could" ya sha gaban "you". Abin da ya biyo baya sai ya koma zubin magana ta yau da kullum, suna a gaba, aikatau a baya: "Could you tell me where the bank is?"

Inda na fi ganin ɗalibai suna tuntuɓe shi ne wajen "does". Duba "When does the bus leave?" A tambayar ladabi "does" ɗin nan faɗuwa yake yi gaba ɗaya, amma "s" ɗinsa ba ya ɓata, kan aikatau yake komawa: "Do you know when the bus leaves?"

Idan kuwa amsar e ce ko a'a, sai ka shigo da "if": "Do you know if the shop is open?"