Shaidar da Yallaɓai ya yi wa takwarana

Lokacin da na nemi aikin kula da sito a wata ƙungiyar agaji, an buƙaci sunayen mutum 2 da za su ba da shaida a kaina, sai na rubuta sunan tsohon shugabana da lambar wayarsa ba tare da na sanar da shi ba, domin a ganina shekara 3 da na yi a ƙarƙashinsa sun wadatar. Da suka kira shi, ya ji baƙuwar murya tana tambayarsa wani mutum da bai gani ba tun shekara 4, sai ya ɗauka 'yan damfara ne, ya ce bai san ni ba, ya kashe wayarsa.

Allah ya taimake ni jami'ar ɗaukar ma'aikata ta ba ni mako guda in sa a aiko musu da shaidar a rubuce. Na tafi gidansa da ledar lemo, muka gaisa, muka tattauna tsadar taki har aka kira la'asar, kuma kunya ba ta bar ni na faɗi abin da ya kawo ni ba sai da ya rako ni bakin ƙofa.

"Wannan ai ƙaramin abu ne," in ji shi, ni kuwa na yi godiya na tafi, ban bar masa ko fallen takarda ba.

Bayan kwana 2 wasiƙa ta iso cike da yabo. Ta ce ban taɓa yin hatsari ba, kuma ina duba ruwan lagireto kowace safiya. Ashe takwarana direban ofis ya tuna, alhali ni ko keke sai an riƙe mini.

Na koma na ce, "Yallaɓai, a gafarce ni, ni ne na sito." A wannan karon na tafi da takarda mai shafi ɗaya: cikakken sunana kamar yadda yake a takardar neman aikin, muƙamina, watan da na fara da wanda na bari, ranar rufe karɓa, da adireshin imel ɗin da zai aika da kansa, tunda ba sa karɓar wasiƙar daga hannun mai nema. Na haɗa da tallar aikin, don ya ga cewa riƙon amana da lissafin kaya suke nema. Na kuma tuna masa ƙidayar ƙarshen shekara da na gano buhu 40 da aka shigar a littafi sau biyu, domin irin wannan misali ya fi "yaron kirki ne" nauyi a wurin masu tantancewa.

Ya karanta, ya ɗago kai ya ce, "Af, kai ne mai ɓatar da makullin sito!" Na roƙe shi da girman Allah ya tsaya a kan abin da ke cikin takardar.