In kun je ranar ziyarar makarantar nazare, ku ƙirga sunayen da ke bango

Lokacin ɗaukar sababbin ɗalibai ya zo, sanarwar makarantun kuɗi na ƙananan yara sai yawo take yi a wayoyinmu. An fara sayar da fom, gurbi kaɗan ya rage, a zo ranar Asabar a gane wa ido. Jiya ƙanwata ta turo min irin wannan sanarwar, ta ce, "Yaya, ke da kika yi aikin, duba min ko wannan ta yi wa Ummi." Amsar da na ba ta ta yi tsawo, shi ne na ce bari in ajiye ta a nan ko wani zai amfana.

Na koyar a ajin 'yan shekara uku, kuma da hannuna na sha shirya irin wannan rana. Ba zan ce yaudara ake yi ba, amma kwalliya ce. Ana gobe za a zo muke wanke kayan wasa, mu fito da sababbin da ke kulle a kabad, mu liƙa zanen yaran da hannunsu ya fi faɗawa. Kuma yawanci ranar da babu karatu ake sa wa, don haka abin da iyaye suka fi bukatar gani, wato ajin cike da yara, shi ne ba ya nan. Za ka ga lilo, ka ga fenti, ka ga allo mai haske. Ba za ka ga ƙarfe goma na safiyar Talata ba, lokacin da yaro ɗaya ya jiƙa wandonsa, wani yana kukan mamarsa, wasu biyu suna kokawa a kan mota ɗaya.

A ganina abu ɗaya ne ya fi komai nauyi a makarantar yara masu wannan shekarun: yara nawa ke hannun babba ɗaya. Sanarwar da ƙanwata ta turo ta ce malama ɗaya ga yara goma. Lambar tana da kyau. Tambayar ita ce yadda aka samo ta. Inda na yi aiki, ga yadda ake lissafin: a ɗauki yaran makarantar gaba ɗaya, a ce 90, a raba su da ma'aikata 9. Amma cikin taran nan akwai shugabar makaranta, da mai karɓar kuɗi, da mai gadi, waɗanda babu mai zama a aji. In ka cire su saura shida, kowace tana da yara 15. Kuma ba a raba yaran daidai, ajin sababbin shiga ne ya fi cika.

To ta yaya za ka gane, alhali ajin babu kowa? Ka ƙirga. Kusan kowane ajin nazare yana da sunayen yaran a wani wuri: a kan maratayar jaka, a kan kofunan ruwa, ko a takardar ranakun haihuwa da ke bango. Ba kasafai ake tuna cire su ba. A ajina akwai maratayi 26, mu kuma biyu ne, ni da mai raino. A takarda yara 13 ke nan ga kowace. Sai dai ɗan shekara uku ba ya zuwa bayi shi kaɗai. Duk lokacin da mai raino ta fita da yaro ɗaya, ni kaɗai ce da 25, kuma fitar nan ba sau ɗaya ba ce ba sau biyu ba kafin a tashi. A irin wannan mintunan ne wata yarinya ta tura ƙaramin dutsen ado a hancinta, ina can ƙarshen aji ina raba faɗa. Allah ya taƙaita, an cire shi a asibiti. Har yau in na tuna gabana faɗuwa yake yi, kuma ban yarda sakaci na yi ba. Idanuna biyu ne kawai.

Don a samu abin aunawa, ga yadda dokar Ingila ta tsara: yaran da ba su kai shekara 2 ba, babba ɗaya ga uku. 'Yan shekara 2, ɗaya ga biyar, kafin 2023 ma ɗaya ga huɗu ne. Daga shekara 3 zuwa sama, ɗaya ga takwas, sai in akwai ƙwararren malami mai takardar koyarwa a ajin, sannan a kai 13. Kowace ƙasa da tata ƙa'idar, amma wannan ya isa ya nuna maka cewa ƙaramin yaro hannu yake ci. Dokar ta kuma yi maganar fili: murabba'in mita 2.3 ga kowane yaro mai shekara 3 zuwa 5. Ɗaki mai tsawon mita 6 da faɗin mita 5 murabba'in mita 30 ne, wato yara 13 ke nan, tun kafin a cire wurin da kabad ya cinye. Kana iya auna ɗakin da takunka kana tafe kana hira da malamar, babu wanda zai lura.

Akwai kuma kalmar Montessori da ake son mannawa a sanarwa. Maria Montessori likita ce 'yar Italiya, ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, kuma sunan ba mallakin kowa ba ne, kowa na iya rubuta shi a allon makarantarsa. A tsarinta ana haɗa 'yan shekara 3 zuwa 6 a aji ɗaya, kayan aiki suna kan kanta daidai tsayin yaro, shi yake zaɓar abin da zai yi. In ka shiga ka tarar da kujeru a jere suna kallon allo, to sunan kawai aka ara. Wannan bai dame ni sosai ba, akwai makarantu masu kyau da ba sa bin tsarin. Abin da ke ba ni haushi shi ne jarrabawar shiga ga ɗan shekara uku. Yaron da aka kai ɗakin da bai sani ba, gaban fuskar da bai taɓa gani ba, in ya yi shiru me aka auna? Zama da iyaye a tambaye su ko yana iya faɗin yana jin fitsari, ko akwai abin da jikinsa ba ya so, ko yana shan wani magani, ya fi wannan amfani nesa ba kusa ba.

Abin da na ce wa ƙanwata shi ne ta je ranar Asabar ɗin, ta ƙirga maratayi, ta leƙa bayin yara ta ga nisansa da aji, ta tambayi malamar ajin da kanta, ba shugaba ba, shekararta nawa a makarantar da kuma wa ke riƙe ajin ranar da ba ta da lafiya. Sannan kafin ta biya kuɗin fom ta nemi a bar ta ta dawo ranar karatu, ta tsaya ko minti ashirin ne a bakin taga. Wasu makarantun za su ce sai an sa mata rana kuma a raka ta, saboda tsaron yara, wannan daidai ne. In aka ce sam ba a yi, ta tambayi dalili.

Ta kira su ɗazu. Sun ce ta zo Talata da ƙarfe goma.